Kalma Nawa ce ke Cika Minti Ɗaya a Rediyo?

Duk mai sauraron BBC ya san ƙarar nan shida da ake kaɗawa kafin labarai, biyar gajeru, ta ƙarshe doguwa, wadda farkonta shi ne daidai cikar awa. Tun 1924 ake amfani da wannan alamar lokaci, kuma ba ta jiran kowa. Mai gabatar da shirin da ya gabace ta dole ya rufe bakinsa kafin ta soma, ba da sauri ba, ba kuma da barin shiru mai tsawo ba. Mai sauraro yana jin abin kamar dace ne, alhali kuwa lissafi ne da aka yi tun rubutun yana kan takarda.

A ɗakunan labarai na Turanci akwai ma'aunin da ake koya wa sabon ma'aikaci tun makonsa na farko: kalma uku a kowane sakan, wato 180 a minti. Labarin da aka ba sakan 20 kalma 60 ke nan. Ma'aunin yana da sauƙin riƙewa, shi ya sa ya yaɗu har ya iso gidajen rediyon Kano, Kaduna da Damagaram. Sai dai an auna shi ne da bakin Bature mai karanta Turanci, kuma wanda ya ɗora shi a kan Hausa ba tare da gwaji ba zai sha mamaki a gaban makirfo.

Dalili na farko yana cikin ginin kalmomin kansu. A duba wannan jimla: “Ya ce za a yi.” Kalma biyar ce, gaɓa biyar, ana faɗinta cikin numfashi guda. Ga wata kuma: “Ma'aikatan gwamnatocin jihohi sun kammala.” Ita ma kalma biyar ce, amma gaɓoɓinta goma sha biyar. Kwamfuta za ta ce tsawonsu ɗaya, domin ita gurbin da ke tsakanin kalmomi take ƙirgawa, harshe kuwa ya san ta biyun ta ninka ta farkon sau uku. Ƙari a kan haka, rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali. Garin da ake zama da garin da ake tuwo harafinsu ɗaya, amma na tuwon ya fi jan baki. A dogon rubutu irin waɗannan bambance-bambance suna cinye juna, gajerun kalmomi su rama wa dogaye. A sanarwar sakan 15 kuwa babu wurin ramuwa, don haka gogaggu kan bar ƙirga kalma su koma ƙirga gaɓa.

Fassara ma tana da nata tarkon. Sunan Majalisar Ɗinkin Duniya a Turanci kalma biyu ne mai gaɓa biyar, a Hausa kalma uku mai gaɓa tara. Haruffa huɗun nan na INEC, idan aka warware su, sun zama Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, kalma bakwai cur. Masu fassara labaran duniya, tun daga Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 har zuwa na RFI da ya zo a 2007, da wannan suke kokawa kullum: rahoton da ya dace da minti ɗaya a harshen asali yakan zo da jela idan ya koma Hausa.

Mafita ita ce kowane mai karatu ya auna bakinsa. Zai ɗauki rubutu irin wanda ya saba karantawa, mai kalma 300 daidai, ya kunna agogon wayarsa, ya karanta da murya sosai kamar yana kan iska. Karatun zuci ba ya cikin lissafi, domin ido ya fi harshe gudu, kuma ba ya tsayawa shan numfashi. Zai maimaita sau uku ya ɗauki matsakaici. Idan ya ga yana gamawa a minti biyu, to gudunsa kalma 150 ne a minti, biyu da rabi a sakan. Wannan adadin nasa ne shi kaɗai, kuma na irin wannan rubutun ne kaɗai. Mutum guda zai karanta sanarwar rasuwa a natse, ya karanta tallar gwanjo da zafi, kowanne da ma'auninsa.

A ɗauka wani mai sayar da takin zamani ya sayi minti ɗaya a gidan rediyo don sanar da buɗe sabon shago. Ya kawo rubutunsa, kwamfuta ta ƙirga ta ce kalma 120, ban da lambar waya. Mai karatun da gudunsa 150 ne zai iya cewa ai har da saura. A nan ne yawancin kurakurai suke faruwa, domin minti ɗayan ba na magana ba ne duka.

Abu na farko shi ne a fitar da lokacin da ba na karatun jimloli ba. Kiɗan buɗewa sakan huɗu, na rufewa uku. Lambar waya ta Najeriya alƙaluma 11 ce, kuma ba a karanta ta da gudun zance, sai an rarraba ta, an ɗan tsaya, don mai sauraro ya samu ya rubuta. Sifili kaɗai gaɓa uku ne. A ce an auna an samu sakan bakwai, mai shago kuma yana so a faɗe ta sau biyu, sakan 14 sun tafi. (Takwaransa na Maraɗi ya fi shi sauƙi, tunda lambar Nijar alƙaluma takwas ce.) Huɗu da uku da goma sha huɗu, 21 ke nan. Abin da ya rage na magana sakan 39 ne, idan aka ninka da biyu da rabi ya ba da kalma 97. Mai hankali ba zai cika har baki ba, zai bar sakan biyu na numfashi da tuntuɓen harshe, ya tsaya a kalma 92.

Abu na biyu shi ne a ƙirga rubutun yadda baki zai faɗe shi, ba yadda ido ke ganinsa ba. A takardar mai shago an rubuta farashin buhu N38,500. Kwamfuta ta ɗauke shi kalma ɗaya, amma a iska zai fito “naira dubu talatin da takwas da ɗari biyar”, kalma takwas. Ranar buɗewa an rubuta 15/6, ita ma kalma ɗaya a allo, shida a baki: “goma sha biyar ga watan Yuni”. Waɗannan biyun kaɗai sun ƙara kalma 12, rubutun ya tashi daga 120 ya koma 132. Haka abin yake ga shekara: 2024 kan zama “dubu biyu da ashirin da huɗu”. Haka kuma gajerun haruffan girmamawa na addini, waɗanda ake rubutawa a taƙaice amma babu mai karatun da zai faɗe su a taƙaice. Shi ya sa rubutun rediyo na ƙwarai ake warware masa kowane alƙalami zuwa kalmomi tun kafin a ƙirga.

Yanzu gaskiya ta fito. Kalma 132 za su ci kusan sakan 53, a haɗa da 21 ɗin can, sanarwar ta kai sakan 74 a gurbin da aka biya kuɗin 60. Kalma 40 ne suka yi yawa.

Akwai masu cewa a ƙara gudu kawai. Don a cusa kalma 132 cikin sakan 39 sai mai karatu ya haura kalma 200 a minti, kuma Hausa ba ta yafe wannan. Harshe ne da karin sauti da tsawon wasali ke rarrabe ma'ana, idan aka matse su sai kalmomi su fara kama da juna. Alamomin a bayyane suke: ana jin mai karatu yana fizgar numfashi a tsakiyar jimla, ƙarshen kalmomi yana haɗiyewa, lambar wayar da saboda ita aka biya kuɗin ta wuce kamar walƙiya. Manhajojin tace sauti suna iya matse murya ba tare da ta zama siririya ba, kuma hakan na iya ceto sakan ɗaya ko biyu, amma ba 14 ba. Manomin da ke sauraro a gona, rediyo rataye a reshen bishiya, ba shi da damar cewa a maimaita masa.

Saura yanka. Rubutun mai shago ya fara da cewa: “Ana sanar da ɗaukacin jama'a maza da mata, manya da yara, cewa za a buɗe sabon shagonmu na sayar da takin zamani a ranar Asabar mai zuwa idan Allah ya kai mu.” Kalma 32, kusan sakan 13, kuma sai a kalma ta 21 aka ambaci taki. Mai gyara zai iya mayar da ita haka: “Manoma albishirinku! Ranar Asabar in sha Allah za mu buɗe sabon shagon takin zamani.” Kalma 14, ƙasa da sakan shida, ta kira waɗanda ake nufi da sunansu tun kalmar farko, ba ta kuma zubar da ladabin ambaton Allah ba. An samu rarar 18. Adireshin shagon ya zo sau biyu, a cire ɗaya, 12 sun tafi. Goman da suka rage suna cikin jerin laƙabin mai shago da kirarinsa, kuma nan ne aikin ya fi wuya, domin ba lissafi ba ne, lallashi ne. Sai an zauna da shi an ce, “Ranka ya daɗe, ko dai kirarin ko lambar waya sau biyu, minti ɗaya ba zai ɗauki duka ba.” Hujjar da ke gamsar da ɗan kasuwa ita ce lambar waya ce ke kawo ciniki.

Kalma 92 a gudun biyu da rabi sakan 37 ne, a haɗa da 21, an samu 58. Duk da haka ba a rufe magana sai an karanta sabon rubutun da agogo a hannu, tare da kiɗan, domin lissafi kusa yake kai mutum, agogo ne ke yanke hukunci. Idan ya nuna 61, a nemi jimlar da ta fi dogayen kalmomi a sauƙaƙa ta. Idan ya nuna 54, ba a ƙara surutu, a ba lambar waya da farashi ƙarin sarari.

A shirin kai tsaye akwai ƙarin dabara, domin gudun mutum yana canzawa idan jar fitila ta kunnu, wasu tsoro ya sa su sauri, wasu nauyin abin ya sa su ja. Masu shirya labarai kan yi lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Idan shiri zai ƙare ƙarfe 7:00 daidai, sallama da kiɗan rufewa suna cin sakan 30, maimaita kanun labarai sakan 40, to dole labarin ƙarshe ya ƙare a 6:58:50, kuma ana rubuta wannan lokacin a gefen takarda. Ana ajiye gajeren labari na ko-ta-kwana wanda za a iya sakawa idan lokaci ya yi saura, a kuma ja layi a ƙarƙashin sakin layin da za a iya tsallakewa ba tare da labarin ya gurgunce ba. Mai karatu yana isa labarin ƙarshe zai ɗaga ido ya dubi agogon bango, ya gwada da abin da ke gefen takardarsa, nan take ya san ko zai karanta sakin layin da aka ja wa layi ko zai wuce shi.