Tsohuwar Kwamfuta da Bidiyon 4K: Yadda Furoksi Ke Raba Gardama

Mai ɗaukar bidiyon biki ya dawo daga wurin dina da faifan awa biyu, an ɗauka da waya a 4K. Ya zuba shi cikin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, Core i5 zubi na huɗu mai RAM 8GB, sai hoton ya fara tsalle-tsalle, muryar mai gabatarwa ta yi gaba, amarya ta tsaya cak, fanka na ta gurnani. Yawancin editoci a nan suke yanke hukuncin cewa kwamfutar ta gama yayi. Sau da yawa kuwa laifin na fayil ɗin ne.

Wayoyin zamani suna matse bidiyo da tsarin H.264 ko H.265 don kada ya cinye ma'aji. Ba sa ajiye kowane hoto cikakke. Suna ajiye guda ɗaya, sannan na bayansa su rubuta abin da ya canza kawai. Wannan ya dace da kallo, amma da edita ya ja bidiyo baya ko ya yi tsalle zuwa tsakiya, dole kwamfuta ta koma cikakken hoton ta sake lissafo duk abin da ya biyo baya. Ga kuma girma: kowane hoton 4K yana da ɗigo sama da miliyan 8, ninki huɗu na 1080p. Injinan Intel ba su samu cikakken sashen warware H.265 ba sai a zubi na shida, don haka wadda ta girmi wannan da ƙarfin tsiya take yin aikin.

Furoksi ƙaramin kwafi ne na faifan, mai sauƙin buɗewa, wanda manhaja ke nuna wa edita yayin yanka da jerawa. Idan aka zo fitar da aiki, sai ta koma kan na asali. Kwafin 960 x 540 kashi ɗaya ne cikin 16 na ɗigon 4K, kuma ya isa a ga inda za a yanka. A Premiere Pro, ana danna dama a kan faifan, a zaɓi Proxy sannan Create Proxies, a kuma kunna maɓallin Toggle Proxies, wanda mutane da yawa ke mantawa har su ce abin ba ya aiki. A Shotcut, wadda kyauta ce, hanyar ita ce Settings, Proxy, Use Proxy. Inda aka ba da zaɓi, ProRes Proxy ko DNxHR LB sun fi santsi domin suna ajiye kowane hoto cikakke, sai dai suna cin wuri, har wani lokaci girmansu ya ba mutum mamaki.

Haɗa furoksi na awa biyu yana ɗaukar lokaci. Gwanaye kan bar shi da daddare, caja a jone, tun da kwamfuta kan rage gudu idan batir kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai wuraren da ake tuntuɓe. Idan aka canza sunan fayil ko aka matsar da shi bayan an fara aiki, alaƙar kwafi da na asali na iya yankewa, manhaja ta ce ba ta ga faifan ba. Furoksi kuma yana ɓoye aibi: hoton da bai fito tar ba zai yi kama da sauran a ƙaramin kwafi, don haka a kashe shi kafin gyaran launi da duban ƙarshe. Idan kuwa murya da baki suna ƙara saɓawa yayin da bidiyo ke tafiya, galibi wayar ce ba ta riƙe adadin hotuna ɗaya a kowace daƙiƙa ba. Maganinsa a fara daidaita faifan da HandBrake, a zaɓi Constant Framerate.

Wajen fitarwa, tambaya ita ce ina za a kalla. Dangin ango a waya za su gani, fitar da 4K a nan ɓata dare ne kawai. H.264 a 1080p ya wadatar, adadin hotuna a bar shi yadda aka ɗauka, 25 ko 30. YouTube kanta tana ba da shawarar 8 Mbps ga irin wannan bidiyo, wanda ke nufin minti 10 zai kai kusan 600MB, awa ɗaya kuma 3.6GB. Idan manhajar na da zaɓin Hardware Encoding, a kunna. Quick Sync na Intel yana nan tun 2011 kuma yana rage lokaci sosai, ko da yake ingancinsa a tsofaffin injina yakan ɗan gaza, abin da ɗan ƙara yawan Mbps ke gyarawa. Kafin a saki dogon aiki, a fitar da minti ɗaya daga wurin rawa, inda motsi ya fi yawa, a duba shi a waya. Idan fuskoki sun farfashe zuwa murabba'ai, a ɗaga zuwa 10 ko 12 Mbps a sake gwadawa.