Kada Ka Hukunta Wanda Ya Fi Kawo Ciniki

Mu ɗauki wani dilan kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano, yana da yara biyar masu zagayawa shaguna da sukari da madara da taliya. Kowa albashinsa naira 80,000, an kuma ɗora masa adadin cinikin naira miliyan 5 a wata. Kamasho kashi 1 cikin 100 ne har a cike adadin, abin da ya haura kuma kashi 2.

A cikinsu akwai wani zaƙaƙuri da ke kawo miliyan 8. A miliyan biyar ɗin farko yana da 50,000, a ukun da suka haura 60,000, wato 110,000 ban da albashi. Nan ne maigida kan ji kuɗin sun yi yawa, sai ya ce tunda yaron yana iyawa, a mayar da adadinsa miliyan 8. Da wannan gumin dai, kamashonsa ya dawo 80,000. An rage masa 30,000 don ya yi ƙoƙari.

A ganina wannan ne kuskuren da ya fi kashe zuciyar ma'aikaci, kuma lissafi ma bai goyi bayansa ba. Idan ribar kaya kashi 6 ce, miliyan ukun nan sun kawo 180,000. Yaro ya ɗauki 60,000, maigida ya tsira da 120,000, alhali hayar shago da albashi ba su ƙaru ba.

Ana gane ɓarnar daga littafin ciniki. Yaron da a da yake wuce adadi sai ya riƙa tsayawa daidai kansa, odar ƙarshen wata kuma ya riƙe ta sai sabon wata ya kama. Ya fahimci cewa nuna iyawarsa jawo wa kansa ƙarin kaya ne. Daga nan sai tafiya, kuma yakan tafi da kwastomominsa.

Adadi daga yanki ake fitar da shi. A duba cinikin wata goma sha biyu da suka wuce: mai zagaya Sabon Gari ba zai ɗauki nauyi ɗaya da mai bin ƙauyukan Bichi ba, kuma watan azumi, da sukari ke tafiya, ba daidai yake da sauran watanni ba. Idan farashi ya tashi, a gyara wa kowa lokaci guda, ko a riƙa ƙirga katan maimakon naira.

Sai maganar bashi. Kamasho ya fito ranar da kuɗi suka shigo, domin idan a kan fitar kaya ake biya, za a cika gari da bashin da ba mai karɓowa.

Maigida, ka rubuta tsarin a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, kada ka sa wa kamasho iyaka, kuma kada ka taɓa shi sai shekara ta zagayo.