Darasin gobarar Notre-Dame: yadda ake kare tsohon gini daga wuta ba tare da an ɓata shi ba

A yammacin 15 ga Afrilun 2019, da misalin ƙarfe 6:20, ƙararrawar gobara ta kaɗa a majami'ar Notre-Dame da ke birnin Paris. Na'urar ta yi aikinta, amma saƙon da ya fito a allon mai gadi bai fayyace wurin da kyau ba. Sai aka tura mutum ya duba saman wani ƙaramin gini da ke manne da majami'ar, inda bai ga komai ba. Kafin a gane kuskuren, a hau matakala kusan 300 zuwa ƙarƙashin babban rufin, a kira 'yan kwana-kwana, an yi asarar kusan rabin awa. A wannan daren rufin ya ƙone, dogon tsororon da ke tsakiyarsa ya faɗi.

Rufin yana zaune ne a kan katakon bishiyar ok da aka sare tun ƙarni na 13. Saboda yawan katakon, Faransawa suna kiran wurin "daji". Babu bangon tare wuta a cikinsa, babu kuma bututun yayyafa ruwa. Da gangan aka bar shi haka, domin masu kula da ginin ba su so a huda tsohon katako ko a cika shi da bututu da wayoyi. Sun dogara ga tunanin cewa katako mai kauri a hankali yake ci, saboda haka za a sami lokacin isowa. Ƙoƙarin kada a taɓa ginin ko kaɗan ya ƙare da rasa rufin gaba ɗaya.

Gane wuta tun tana hayaƙi

Mataki na farko, wanda ba ya ɓata gini sosai, shi ne gane wuta da wuri. A manyan wurare masu tsawo ana amfani da na'ura mai zuƙar iska: siraran bututu masu ƙananan huji suna jawo iska ba tsayawa zuwa wani akwati da ke tantance ko akwai hayaƙi a cikinta. Ana iya ajiye akwatin nesa, abin da ke ratsa ginin bututu ne kawai.

Sai dai Notre-Dame tana da irin wannan na'ura tun kafin gobarar. Abin da ya gaza shi ne tazarar da ke tsakanin ƙararrawa da mutum. Shi ya sa a ginin da aka sake buɗewa ranar 7 ga Disamban 2024 aka ƙara kyamarori masu ganin zafi, ana kuma sa ido dare da rana daga ɗakin tsaro, ta yadda za a ga inda wutar take ba sai an hau sama ba. Gwaji mai sauƙi ga kowane gini shi ne a nuna wa sabon mai gadi saƙon ƙararrawa, a ga ko zai iya zuwa wurin kai tsaye. In ya tsaya yana tambaya, da sauran aiki.

Raba rufi don wuta ta tsaya

Wuta ta ratsa rufin daga wannan ƙarshe zuwa wancan saboda fili ɗaya ne mai tsawon kimanin mita 100. A sabon rufin an saka shinge biyu masu jure wuta, waɗanda suka raba shi gida uku. An kuma ƙara kaurin allunan da ke ƙarƙashin dalmar rufin da milimita 15. Katako yana zama gawayi da saurin da bai kai milimita ɗaya a minti ba, don haka wannan ɗan ƙari yana ba masu kashe gobara ƙarin mintoci kafin wuta ta huda rufin ta sami iska. Daga ƙasa, mai kallo ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye.

Raunin shinge yana wurin ramuka. Ramin da aka huda don wucewar waya, in ba a toshe shi da abin da ke jure wuta ba, ko ƙofar da aka tokare a buɗe, sun isa su mayar da shingen banza.

Hazo maimakon ambaliya

Ruwa da kansa yana lalata tsohon gini. A ƙarƙashin rufin Notre-Dame akwai siririn silin dutse da aka haɗa da ƙasar farar, kuma ruwan da aka kwarara a daren gobarar ya jiƙa shi har ya ɗauki dogon lokaci kafin ya bushe. Saboda haka aka zaɓi hanyar fesa hazon ruwa, karo na farko a wata babbar majami'a a Faransa. Famfo yana tura ruwa da ƙarfi ta ƙananan bakuna, sai ya fito ɗigo-ɗigo da ba su kai milimita ɗaya ba. Ƙananan ɗigon suna komawa tururi nan take, suna shanye zafin wutar. Lita ɗaya ta ruwa tana zama kimanin lita 1,700 na tururi, wanda ke ture iskar da wuta ke rayuwa da ita. Da haka ake danne wutar da ruwa kaɗan.

Hanyar tana da iyaka. Bakunan suna toshewa idan ruwan ba shi da tsabta, famfon yana buƙatar lantarkin da ba ya yankewa, iska mai ƙarfi kuma tana iya kwashe hazon. Aikinsa shi ne riƙe wuta har 'yan kwana-kwana su iso, shi ya sa aka ƙarfafa bututun da suke haɗa tiyonsu don kai ruwa sama.

Inda tsohon katako yake nan

A Notre-Dame aikin ya zo da sauƙi ta fuska ɗaya: rufin sabo ne, an tsara wurin bututu tun kafin a ɗora katako. A ginin da bai ƙone ba, ƙa'idar masu gyara ita ce duk abin da aka saka ya zama ana iya cire shi gobe ba tare da ya bar tabo ba. Ana bi da waya ta tsohuwar hanyar hayaƙi ko ramin da ke nan tun da can. Ana ɗaure bututu a jikin katako da maɗauri maimakon a kafa masa ƙusa. In dole ne a huda bango, ana hudawa a mahaɗar duwatsu inda za a iya sake cikewa, ba a jikin dutsen ba. Tsohuwar ƙofa kuwa ba a canja ta: ana manna mata siririn abu a gefe wanda ke kumbura da zafi ya toshe hanyar hayaƙi.

Wannan lissafi ya shafi gine-ginen ƙasa irin na tsohon garin Agadez, wanda UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2013, da na unguwar Birni a Damagaram. Bangon ƙasa ba ya cin wuta, amma azara da asabarin da ke ɗauke da rufi suna ci, kuma ruwa mai ƙarfi daga tiyo yana iya zaizaye bangon ya ƙara wa rufin nauyi. A irin waɗannan gine-gine kariya tana farawa ne daga wayar lantarki: a saka ta cikin bututu a fili inda ido ke ganinta, nesa da azara, da na'urar da ke yanke wuta da kanta. Soket da ya yi baƙi, warin roba mai ƙonewa, ko fitilar da ke ƙyaftawa alamu ne cewa wani mahaɗi yana zafi, kuma a ranar ya kamata a kira mai gyara.