Yadda Kwamfuta Ke Auna Takunta Wajen Lissafi

Idan masana na son hasashen tafiyar tauraro mai wutsiya, kwamfuta kan bi hanyarsa taku bayan taku. Dogon taku na kawo kuskure, gajere kuma na cin lokaci.

A 1969 Erwin Fehlberg ya wallafa wa NASA wata dabara: a kowane taku a fitar da amsa biyu, ɗaya mai daraja ta 4, ɗaya ta 5 wadda ta fi daidai. Dukansu daga lissafi shida ɗin nan suke fitowa, don haka ta biyun kusan kyauta ce. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ma'aunin kuskure.

A ce tsawon taku 0.1 ne, iyakar kuskuren da aka yarda 0.000001, amma tazarar ta kai 0.000032. Ta ninka iyakar sau 32, sai a soke takun. Da yake kuskure na bin tsawon taku ninki biyar (2×2×2×2×2 = 32), raba takun biyu ya wadatar: 0.05. Akan ƙara ragewa kaɗan, zuwa 0.045, don kada a sake sokewa.

Haka takun ke gajarta kusa da rana, inda tauraron ke gudu, ya tsawaita idan ya yi nisa.

Dabarar Dormand da Prince ta 1980, wadda `ode45` na MATLAB ke amfani da ita, haka take aiki. Amma idan takun ya maƙale a gajere alhali amsar ba ta wani canzawa, lissafin mai tauri ne, sai a koma ga irin su `ode15s`.