Amsar Mai Zanen Gini ga Ɗan Kwangilar da Ke Son Sauya Kwanon Rufi

A kwangilar gini akwai takardar ƙayyade kaya, wadda a cikinta mai zanen gini yake bayyana irin kowane abu da za a yi aiki da shi da ingancinsa, kuma a kanta ɗan kwangila ya yanka farashinsa. Sai dai idan kaya suka yi tsada, ɗan kwangila yakan nemi a bar shi ya sa wani abu mai rahusa, kamar kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.45 a madadin mai 0.55 da aka rubuta, yana cewa ai duk kwano ne.

Amsa ta gari a rubuce take zuwa, kuma da lissafi take farawa. Bambancin milimita 0.1 ba ya ganuwa da ido, amma kusan kashi 18 cikin 100 ne na kaurin kwanon. A rufi mai murabba'in mita 300, idan aka lissafa kwanon a shimfiɗe, mai kaurin zai kai nauyin kilo 445, maras kaurin kuwa kilo 365, wato alminiyam na kimanin kilo 80 ya fita daga abin da mai gida ya biya.

Daga nan sai mai zane ya bayyana abin da ragin zai haifar. Kwano maras kauri yana lotsewa ƙarƙashin ƙafar kafinta, kuma idan iskar farkon damina ta riƙa ɗaga shi, ramin ƙusa yana faɗaɗa har ruwa ya sami hanya, sai tabo ya bayyana a silin, wani lokaci ma kwanon ya yage ya bar ƙusoshinsa a jikin katako. Maganin wannan shi ne a matso da katakan da ake buga kwanon a kansu kusa da juna, amma kuɗin ƙarin katako da ƙusa da aiki yakan cinye wani ɓangare na rahusar.

Sashe na ƙarshe na amsar sharuɗɗa ne. Ɗan kwangila zai kawo samfur tare da takardar masana'anta, a auna kaurinsa da maikiromita, wato ƙaramin ma'aunin da ke gane ɗaya bisa ɗari na milimita, domin abin da aka rubuta a rasit ba hujja ba ne. Idan an amince, sai mai zane ya ba da umarnin sauyi a rubuce da sanin mai gida, mai ƙididdigar kuɗin gini kuma ya cire rarar daga kuɗin kwangila, tunda ta mai gida ce. Idan ba a amince ba, kwanon da aka buga ba izini za a cire shi, kuma ɗan kwangila ne zai ɗauki asarar.

Saboda haka, duk mai gidan da aka gaya masa cewa an sauya kaya, ya nemi ganin wannan umarni kafin ya biya ko sisi.