Kiran Intabiyu a Gusau: Me Za Ki Rubuta a Imel?

Uwargida, a ce 'yarki mai larurar ƙafa ta samu kiran intabiyu daga Gwashi zuwa Gusau. Kada ta jira sai ranar. Ta amsa imel ɗin nan take, ta faɗi abin da take buƙata, ba tarihin ciwonta ba: "Ina amfani da keken guragu. Ina roƙon a yi mini intabiyun a ɗakin ƙasa, inda babu matakala."

Layi biyun nan sun wadatar. Sunan cutar, magungunanta da takardar asibiti su zauna gida, sai in an nema. Ban haƙuri ma ba nata ba ne, domin dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana wariya wajen ɗaukar aiki.

In kwana biyu sun wuce shiru, ta buga waya, ta kuma adana imel ɗin.