Bashin da Ya Mutu: Wace Shekara Za Ta Ɗauki Asarar?

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Sai dai wani bashin ba ya dawowa, kuma akantoci na da hanyoyi biyu na fitar da shi daga littafi.

A ɗauki misalin babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ya ba wani abokin ciniki atamfa ta naira 300,000 bashi a watan Nuwamban 2023, aka rubuta takardar kaya. Mutumin ya karye, wayarsa ta daina shiga. A watan Yunin 2024 mai kaya ya fid da rai.

Hanya ta farko ita ce sokewa kai tsaye: ranar da aka haƙura, a rubuta 300,000 a matsayin asara, a cire su daga kuɗin da ake bin mutane. Ba ta da wuya, amma tana da aibi. An yi cinikin a 2023, an ƙirga ribarsa, wataƙila har an raba da abokan jari, sai ga 2024 ta ɗauki asarar cinikin da ba nata ba.

Hanya ta biyu, wato ware tanadi, tana riga asarar zuwa. A ƙarshen 2023 akanta zai duba ya ga ana bin mutane naira miliyan 10. Daga abin da ya saba faruwa a shagon, da kuma daɗewar kowane bashi (na wata shida ya fi na mako biyu haɗari), sai ya ƙiyasta cewa kashi 4 cikin 100 ba za su dawo ba. Nan take zai rubuta 400,000 a matsayin asarar 2023, abin da ake sa ran karɓa ya zama miliyan 9.6. Wannan tanadi ba kuɗi ba ne da aka ajiye a asusu, lissafi ne kawai a littafi.

Idan Yuni ya zo aka soke bashin, ribar 2024 ba za ta motsa ba. Bashin zai sauko zuwa miliyan 9.7, tanadin ya koma 100,000, ragowar tana nan miliyan 9.6. Wanda ya sake rubuta asara a ranar ya ƙirga ta sau biyu.

Ƙa'idar duniya ta IFRS 9, da ta fara aiki a 2018, hanyar tanadi ta wajabta wa kamfanonin da ke bin ta. A Amurka kuwa, hukumar haraji ba ta karɓar ƙiyasi daga yawancin kamfanoni sai bashin ya tabbata ya mutu, don haka lissafin littafi da na haraji kan bambanta.

Soke bashi a littafi ba yafe shi ba ne. In mutumin ya farfaɗo ya kawo kuɗin, sai a mayar da bashin kan sunansa, sannan a rubuta cewa ya biya.